Wayar Baba ta tsaya a kan PUK, saura gwaji shida

Rabi Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman taimako. Tun jiya da magariba wayar Babanmu ta tsaya a kan rubutu ɗaya, "Enter PUK code", ba kira ba karɓa. Jikansa ne ya ɗauka yana taɓe-taɓe. Na nemo wani katin sim a cikin jakar takardun Baba, na sa lambar da ke jiki har sau huɗu, ta ƙi. Yanzu ta rubuta "6 attempts remaining". A layin nan kuɗin MoMo ɗinsa suke, kuma da shi masu kawo masa kaya daga arewa suke kiransa. Me za mu yi?

Malam Sani Adum: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin komai, ajiye wayar, kada kowa ya ƙara danna ko lamba ɗaya a wurin. Shidan nan da kike gani su ne duk abin da ya rage wa sim ɗin, kuma ba sa komawa goma don an jira. Zan yi bayani, amma ki fara gaya mini abu biyu: sim nawa ne a wayar, kuma an taɓa sake wa Baba sim a kan wannan lambar, ko don ya ɓata ko don ya lalace?

Idi: Ki kashe wayar, ki cire sim, ki bari ya kwana. Gobe ki sa shi a wata waya daban, zai buɗe. In ya ƙi sai a yi wa wayar filashin.

Malam Sani Adum: Idi, wannan ba zai yi ba, kuma filashin ɗin asara ce kawai. Kullen ba a cikin waya yake ba, a cikin sim yake. Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da ke jikin sim ƙaramar kwamfuta ce, tana da nata wurin ajiya. Ita ke riƙe da PIN, ita ke riƙe da PUK, ita kuma ke ƙirga kuskure. Waya 'yar aike ce: ta karɓi lambar da ka danna, ta miƙa wa sim, sim ya ce daidai ko ba daidai ba. Shi ya sa in ka cire shi ka kai wata waya, da lissafinsa zai tafi, sabuwar wayar ma ta nuna maka saura shida. In aka yi filashin ko aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, hotuna da saƙonnin Baba ne za su tafi, sim kuwa yana nan a kulle yadda yake.

Tsarin haka yake. PIN ɗin sim lamba huɗu ce zuwa takwas, kuma sau uku aka yarda a yi kuskure a jere. A na uku sai sim ya kulle PIN, ya nemi PUK. PUK lamba takwas ce cif, ba bakwai ba, ba tara ba, kuma sau goma aka yarda a yi kuskure. In na goman ya wuce, sim ya mutu har abada. Ba mai gyara a Adum ko Kejetia da zai tayar da shi, kamfanin layin ma ba zai iya ba, sai dai ya ba ka sabo.

Hamza Tafo: Gaskiya ne, Malam. Amma Yaya Rabi ki gwada 0000 ko 1234, yawanci da su sim ke zuwa. Gwaji biyu ne kawai, har yanzu za ki rage huɗu.

Malam Sani Adum: Hamza, irin lambobin da ka kawo PIN ne na farko da wasu kamfanoni ke sa wa sim, ba PUK ba ne. Matakin PIN ya riga ya wuce. Ko da Baba ya tuna PIN ɗin gaskiya yanzu, sim ba zai saurare shi ba, PUK yake jira. Kuma PUK ba shi da "na kowa da kowa". Kowane sim da nasa, an rubuta masa tun a masana'anta, ba a lissafo shi daga lambar waya. Lamba takwas kuwa hanyoyin jera ta miliyan 100 ne, ka ga canki shida ba abin da zai kamo.

Rabi Aboabo: Malam, sim biyu ne a ciki. Kuma ƙwarai, bara wayarsa ta faɗi a mota, aka je aka sake masa sim a kan tsohuwar lambarsa. Amma ni abin da ya ruɗa ni, duk lokacin da na sa lambar katin, wayar tana karɓa, har ta ce in sa sabon PIN, in sake sawa, sai daga baya ta ce ba daidai ba. Shi ya sa na zaci sabon PIN ɗin ne matsalar, na yi ta canza shi.

Malam Sani Adum: To, kin kawo mu inda matsalar take. Abu biyu ne a nan, bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wayar ba karɓar PUK ɗin ta yi ba. Wayoyi da yawa, musamman na Android, suna duba tsawon lambar ne kawai. In ta kai takwas sai su wuce su nemi sabon PIN, su nemi a maimaita, sannan su haɗa PUK da sabon PIN su aika wa sim a tare. A lokacin ne sim yake dubawa ya ba da amsa. Wato ko wace lamba takwas kika danna, za ta kai ki wurin sabon PIN. Wannan ke yaudarar mutane, su ɗauka sun haye, su yi ta sauya PIN alhali PUK ɗin ne ba daidai ba, kuma kowane zagaye yana cin gwaji ɗaya. Alamar da za ki gane ita ce lissafin: in ya sauka daga bakwai zuwa shida, PUK ne aka ƙi. In sabon PIN biyun ne ba su zo ɗaya ba, waya ce ke kamawa da kanta ta ce ba su dace ba, ba ta aika wa sim komai, lissafin kuma ba ya raguwa.

Na biyu, PUK na sim ne, ba na lambar waya ba. Da aka sake wa Baba sim bara, lambarsa ba ta canza ba, amma ɗan ƙarfen sabo ne, da sabon PUK. In katin da kika samo na sim ɗin da ya ɓata ne, ko sau ɗari kika sa ba zai shiga ba. Yana kuma iya zama katin ɗayan sim ɗin ne, tunda biyu ne a wayar.

Ga yadda za ki tabbatar ba tare da kin ɓata gwaji ba. Kashe wayar, ki cire sim biyun. Mayar da ɗaya kaɗai ki kunna, don ki san wanne ne ya kulle. Kunnawa da kashewa ba sa cin gwaji. Sai ki cire wanda ya kullen ki juya bayansa a wurin haske, za ki ga doguwar lamba da ƙananan baƙaƙe, sau da yawa an karya ta layi uku ko huɗu. Wannan ce lambar shaidar sim, cikakkiyarta lamba 19 ko 20 ce, kuma ta Ghana da 89233 take farawa, ko da yake wasu ba sa buga farkon a jikin ƙaramin sim. Irin wannan lambar tana jikin babban katin da aka ɓalle sim daga ciki, kusa da zanen layukan nan. Ki kwatanta lambobi shida na ƙarshe. In ba su zo ɗaya ba, katin ba nasa ba ne.

Rabi Aboabo: Na duba da fitilar wayata. Ba su zo ɗaya ba, ko kusa. Innalillahi, ashe tsohon katin nake ta amfani da shi. Sabon kuma mun juye jakar kaf, babu shi.

Hajiya Zainabu Asawase: 'Yata, kwantar da hankalinki a kan maganar kuɗin. Kuɗin MoMo ba a cikin sim suke zaune ba, suna asusun da kamfani ke riƙe da shi a kan lambar. Ko sim ɗin ya mutu, in aka ba shi sabo a kan lambar nan, kuɗinsa suna nan yadda ya bar su. Abin da kawai ba zai iya ba yanzu shi ne cira ko turawa, tunda ba zai iya danna `*170#` ko `*110#` a layin da ke kulle ba. Wanda ya turo masa kuɗi a yau ma za su shiga, saƙon shaida ne kawai ba zai gani ba tukuna.

Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne, kada a sa PIN ɗin MoMo a wurin nan, kada kuma a gaya wa kowa shi da sunan wai zai taimaka a buɗe. Ba ruwan buɗe sim da PIN ɗin kuɗi. Dattawa da yawa duk inda suka ga an rubuta PIN, na kuɗin suke dannawa, don shi kaɗai suka haddace, kuma ta haka ne sim da yawa ke kaiwa ga PUK.

Malam Sani Adum: Hajiya ta faɗi gaskiya. Lambobin sirri uku ne a waya ɗaya, kuma duk PIN ake ce musu: na buɗe fuskar waya, na sim, da na kuɗi. Abin da nake zato ya faru da jikan Baba shi ne ya shiga wurin da aka rubuta "SIM card lock" ya taɓa "Lock SIM card". Da an taɓa sai waya ta nemi PIN ɗin sim na yanzu, yaro kuma ya sa na buɗe fuskar waya da ya saba gani, sau uku, shi ke nan.

Rabi, yanzu hanya ɗaya ce, wato kamfanin layin, don su kaɗai ke da PUK na kowane sim a ajiye. Ki sami wata waya mai layin kamfani ɗaya da na Baba, ki kira 100, kyauta ne, ki bi zaɓin magana da ma'aikaci. Kafin ki kira, ki tanadi lambar wayar Baba, doguwar lambar bayan sim da kika karanta yanzu a rubuce a takarda, da katin Ghana na wanda aka yi rajistar layin da sunansa. Mai layin ya zauna kusa, don shi za su so su yi wa tambayoyi. In sun karanto miki lambar, ki rubuta da biro, ki maimaita musu ita ɗaya bayan ɗaya, ki ƙirga ki ga takwas ce. Kada ki danna kai tsaye daga kunne zuwa waya.

Alhaji Garba Alabar: Malam Sani, ni ma irin wannan ce ke damuna. Ɗana ya aiko mini da waya daga Jamus, da na sa layina sai ta rubuta "SIM network unlock PIN", yara suka gwada lambobi, yanzu ta koma neman wani PUK. Na kira 100 sun ba ni lamba takwas, ta ƙi shiga. Ko lambar banza suka ba ni?

Malam Sani Adum: Ranka ya daɗe, ba lambar banza ba ce, ciwon ne daban. Naka kullen a jikin waya yake, ba a sim ba. Kamfanin layin da ya sayar da wayar a can ne ya ɗaure ta don kada ta karɓi layin wani. Kalmar "network" da ka gani ita ce shaida. Ka gwada wannan: cire layinka ka sa a tsohuwar wayarka. In ya yi aiki lafiya ba tare da ya nemi komai ba, sim ɗinka ƙalau yake. Lambar da ke buɗe irin wannan waya tana wurin kamfanin da ya ɗaure ta, kuma da lambar jikin wayar ake nemanta, wadda ake gani in an danna `*#06#`. Ɗanka ne zai nema a can. A hana yara gwaji, don ita ma tana da iyaka. Na Rabi kuwa duk wayar da aka kai sim ɗin sai ya nemi PUK, nan bambancin yake.

Hamza Tafo: Akwai shafuka a intanet da za ka sa lambar waya su fito maka da PUK nan take. Na ga ana yaɗa wani, ko a gwada shi kafin a sha wahalar kira?

Hajiya Zainabu Asawase: Hamza, kada ka kuskura ka kawo shi nan. Shafin da ba na kamfanin layi ba, ina ya sami PUK ɗin sim ɗin da bai taɓa gani ba? Lamba takwas zai ƙirƙiro ya ba ka, ka ƙone gwaji ɗaya, shi kuma ya tafi da lambar wayarka da sunanka. Bayan kwana biyu sai a kira ka a ce daga ofis ne, an ga layinka na da matsala, ka karanto lambar da aka turo maka. Haka nan duk wanda ya kira ku da kansa ya ce zai buɗe sim in an tura masa sidi kaza, a kashe kiran. Ku ne za ku kira kamfani ko ku je ofishinsu da ƙafarku.

Rabi Aboabo: Na kira. Sun tambayi sunan da ke kan layin, ashe da sunan yayanmu aka yi rajista lokacin da ake haɗa layi da katin Ghana, shi kuma yana Tamale. Matar ta ce ba za ta ba ni ba sai mai layin.

Hamza Tafo: To ai sai ki sake kira, ki ba wani namiji ya ce shi ne. Wa zai sani?

Malam Sani Adum: A'a. Wannan tsaurin da ya tsayar da ke shi ne ke tsayar da ɓarawon da ya ɗauke wayar Baba, bai kamata mu koya wa juna tsallake shi ba. Kuma ba a ma buƙata. PUK lamba ce, ba sai sim yana hannun mutum ake faɗa masa ita ba. Ki aika wa yayanku doguwar lambar bayan sim, shi ya kira 100 daga can, ko ya shiga ofishin kamfanin a Tamale da katinsa. In ya samu, ya kira ki ya karanto miki, ko ya rubuto. Ki roƙe shi ya sa su tabbatar cewa doguwar lambar da ke gabansu ita ce wadda kika aika, don kada a sake faɗawa ramin ɗazu.

In ta iso, ga yadda za ki shigar. Sim ɗin da ya kulle shi kaɗai a waya. Ki kunna, ki sa lamba takwas a hankali kina dubawa a takarda. Za ta nemi sabon PIN, ki zaɓi lamba huɗu da Baba zai riƙe, amma ba ta MoMo ba, ba shekarar haihuwa ba. Ki maimaita. In ta shiga, sandunan sabis za su dawo cikin ɗan lokaci, lissafin PUK ya koma goma, na PIN ya koma uku. In ta ƙi a karo ɗaya, ki tsaya. Ki sake kwatanta abin da kika danna da takarda, in kin tabbata daidai kika sa, kada ki maimaita, a koma wurin kamfani. Lambar da ba ta shiga sau ɗaya ba, ba za ta shiga a na biyu ba.

A ƙananan wayoyi masu madanni, da wasu da ba sa nuna wurin sa PUK sosai, ana iya danna shi kamar kira, da wannan tsarin:

```
**05*PUK*sabonPIN*sabonPIN#
```

Misali, in PUK ɗin 12345678 ne, sabon PIN kuma 4071:

```
**05*12345678*4071*4071#
```

Waɗannan lambobin misali ne kawai, kada wani ya kwafa. Kuma wannan ba ƙofar baya ba ce, wurin sim ɗaya take zuwa, kuskure a nan ma yana cin gwaji.

Idi: To Malam in da goman sun ƙare fa, me mutum ya rasa tunda Hajiya ta ce kuɗi suna nan?

Malam Sani Adum: Lamba tana nan, kuɗi suna nan, WhatsApp ma yana nan tunda a waya yake. Abin da ke tafiya shi ne abin da aka ajiye a cikin sim ɗin kansa: sunayen mutane, waɗanda a sim da yawa sukan kai 250, da 'yan saƙonni. Dattawan da suka daɗe da ƙaramar waya galibi a sim suke ajiye lambobi, ka ga mai kasuwa irin Baba in ya rasa lambobin masu kawo masa kaya, ba ƙaramar asara ba ce. Sannan sake sim sai mai rajista ya je da kansa da katin Ghana. A halin Rabi, da ta ƙone shidan nan, da sai yayansu ya karɓi sabon sim a Tamale a aiko da shi Kumasi, ko shi ya taso.

Rabi Aboabo: Alhamdu lillahi! Yaya ya je ofis da safen nan, ya turo lambar, na sa sau ɗaya ta buɗe. Saƙonni sai shigowa suke. Allah ya saka muku da alheri, Malam da Hajiya. Yanzu in cire kullen sim ɗin gaba ɗaya ne, ko in bar shi?

Malam Sani Adum: Madalla. Ki rubuta PUK ɗin nan tare da lambobin ƙarshe na bayan sim a takarda ɗaya, ki ajiye a gida, ba a cikin waya ko bayan murfinta ba. Ba ya canzawa don an yi amfani da shi, muddin wannan sim ɗin ne. Tsohon katin kuma ki yar, kada ya sake ruɗa wani. Ki kwafe sunayen da ke sim zuwa waya tun yau. Game da kullen, ni na fi son a bar shi. Wanda ya saci waya, abu na farko da yake yi shi ne cire sim ya sa a wata, ya riƙa karɓar lambobin tabbatarwa da banki da WhatsApp ke turowa. Kullen fuskar waya ba ya hana wannan, PIN ɗin sim ne ke hanawa.

Hajiya Zainabu Asawase: Nan kam ban bi ka ba, Malam. Ga matashi, na yarda. Amma dattijon da idonsa ya yi rauni, duk lokacin da batir ya mutu aka kunna waya sai ta nemi PIN, ga na kuɗi a kansa, ga na fuskar waya. Wata uku ba za a yi ba sai an koma kan PUK. Ni a ganina a cire masa, a tsare PIN ɗin MoMo da kyau, in waya ta ɓata a kira kamfani nan take a rufe layin.

Malam Sani Adum: Hajiya, rufe layin ai sai mai rajista, shi kuma yana Tamale. Kafin a same shi an yi awa nawa?

Hajiya Zainabu Asawase: To wannan ne abin gyarawa, ba a ƙara wa tsoho lamba ta uku ba. Rabi, in yayanku ya zo gida, su je ofis tare da Baba, kowa da katinsa, su nemi a mayar da layin sunan Baba.

Rabi Aboabo: Zan gaya masa, da salla zai zo in sha Allah. Kafin nan na bar kullen, tunda gida ɗaya muke, in wayar ta mutu ni zan riƙa kunna masa. Malam, in daga baya muka ga ya fi ƙarfinsa, a ina ake cirewa?

Malam Sani Adum: A Android ki shiga Settings, ki rubuta "SIM lock" a wurin bincike, don kowane kamfanin waya da inda yake ɓoye shi, amma yawanci yana ƙarƙashin Security. Ki zaɓi sim ɗin da kike nufi, tunda biyu ne, ki kashe "Lock SIM card". Za ta nemi PIN, sabon da kika sa yau za ki ba ta. In ta ce ba daidai ba sau biyu, kada ki yi na uku, ki duba ko kan ɗayan sim ɗin kike.